Yadda ake zaɓar tsawon zangon matsakaici mai tafiya ba tare da an ɓatar da wurin juyi ba

Alƙaluman da ake tarawa kowace rana ba sa zama wuri ɗaya. Yau su yi sama, gobe su faɗo, jibi su sake tashi, har mai kallon zanen ya rasa ko abin ƙaruwa yake yi ko raguwa. Maganin da aka saba shi ne a ɗora layin matsakaici mai tafiya: a kowace rana a haɗa alƙaluman wasu kwanaki da ke jere, a raba da yawan kwanakin, a sa sakamakon a zane, gobe a matsa gaba da kwana ɗaya a sake. Lissafin ba shi da wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne yawan kwanakin da za a haɗa, wato tsawon zangon. In ya yi gajarta, layin ya ci gaba da rawa kamar ba a yi komai ba. In ya yi tsawo, layin ya yi sumul gwanin sha'awa, amma ya haɗiye ranar da al'amura suka juya, wadda ita ce dalilin kallon zanen tun farko.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce cibiyar amsa kiran abokan ciniki ce, a kwanakin da babu wani tashin hankali tana karɓar kira kusan 200 a rana. Sai wata matsala ta taso, kiran ya riƙa ƙaruwa da goma-goma kullum har ya kai 300 a rana ta 11, daga nan ya riƙa raguwa da goma-goma har ya koma 200 a rana ta 21. Ni na tsara alƙaluman da gangan don mu san amsar tun kafin mu fara. A kan wannan hawa da sauka akwai kuma halin mako: Litinin cunkoso, Asabar da Lahadi shiru. Ga abin da ma'aikata za su rubuta, daga Litinin zuwa Lahadi:

```
240 230 230 230 240 220 220
310 300 300 300 290 250 230
300 270 250 230 220 180 160
```

Wanda ya kalli waɗannan kai tsaye zai ce ƙololuwar ta zo a rana ta 8, da aka samu 310, kuma zai ce matsalar ta sake dawowa a rana ta 15, da aka samu 300. Duka biyun ba haka ba ne. Litinin ce kawai take yin abin da ta saba.

Mataki na farko: gyara jerin kwanakin kafin lissafi

Kowace rana ta samu layinta a takardar lissafi, har da ranar da ba a samu rahoto ba. Dalili kuwa, manhaja layuka take ƙirgawa, ba ta duba kalanda. In kwana biyu sun ɓace daga jerin, zangon da kake kira na kwana bakwai ya zama na kwana tara ba tare da ka sani ba.

Sannan ka bambance sifili da rashin bayani. Ranar da ba a kira kowa ba sifili ce. Ranar da aka yi kira amma ba a rubuta ba, a bar gidanta a wofi. A Excel da Google Sheets, `AVERAGE` yana tsallake gidan da ke wofi amma yana ƙirga sifili, don haka sifili guda na ƙarya a cikin kwanaki masu 280 zai ja layin ƙasa da 40 har tsawon mako guda. Mai kallo zai ɗauka wani abu ne ya faru.

Mataki na biyu: nemo zagayen da ke maimaita kansa

Kafin ka yi tunanin sumul, tambayi kanka ko alƙaluman suna da halin da ke dawowa a kai a kai. Hanya mai sauƙi ita ce ka tara duk Litinin wuri ɗaya ka ɗauki matsakaicinsu, haka Talata, har zuwa Lahadi. In ka ga bambanci a fili, to kana da zagayen mako. Kusan duk abin da ya rataya a kan zirga-zirgar mutane yana da shi. Shi ya sa a shekarar 2020 zane-zanen masu kamuwa da korona suka koma nuna matsakaicin kwana bakwai, saboda rahotanni kan ragu a ƙarshen mako su taru a farkon wani.

Ƙa'idar a nan mai ƙarfi ce: zangon da ya yi daidai da tsawon zagaye yana shafe zagayen gaba ɗaya. Ko ta ina ka yanki kwana bakwai a jere, za ka samu Litinin guda, Talata guda, har Lahadi guda, don haka cunkoson wannan da shirun wancan su cinye juna. Haka ma 14, 21 da 28. Amma 5, 10 da 30 ba sa yin haka, duk da cewa su ne suka fi daɗin faɗa.

Duba abin da zangon kwana biyar ya yi wa misalinmu. Kwana biyar na farko sun ba da 234. Da aka matsa gaba aka samu 230, sai 228, sai kuma ya yi tsalle zuwa 244. Layin ya nuna raguwa na kwana biyu a daidai lokacin da muka san kiran yana ƙaruwa da goma kullum. Ba wani abu ya jawo haka ba illa Litinin da Talata sun fita daga zangon, Asabar da Lahadi sun shigo. Wannan juyi ne na ƙarya, kuma mai zanen ne ya ƙirƙire shi da hannunsa.

Zangon kwana 30 ya fi wannan ɓoye laifinsa. Mako huɗu ne da kwana biyu, kuma waɗannan biyun da suka yi rara suna sauyawa kullum, yau Litinin da Talata, wani lokaci Asabar da Lahadi. Rawar ƙarama ce amma tana nan. In kana son kusan wata guda, ɗauki 28. In kuma wurin ba ya buɗewa sai kwana biyar a mako, kuma jerinka ba shi da ranakun hutun sam, to zagayenka biyar ne, sai ka yi aiki da 5, 10 ko 20.

Mataki na uku: auna gajeren lamarin da ba ka son ya ɓace maka

A nan ne zaɓin yake, kuma ba manhaja ce za ta yi maka shi ba. Koma baya cikin tarihin alƙaluman ka nemo lokutan da ka tabbata wani abu ya faru, irin wanda da an gan shi da wuri da an ɗauki mataki. Ƙirga kwanakinsa daga fara hawa har zuwa gama sauka. A misalinmu kwana 20 ne, tsayinsa kuma 100 a kan 200 da aka saba.

Yanzu mu gwada zango uku a kansa.

Da zangon kwana 7, mafi girman abin da layin zai kai shi ne matsakaicin rana ta 8 zuwa ta 14. Jimlarsu 1980, a raba da bakwai, kusan 283. Daga tudun 100 an tsira da 83, kuma kansa yana da tsini: 277, 281, 283, 281, 277. Ba wanda zai yi gardamar inda ya juya.

Da zangon kwana 14, ƙololuwar ta tsaya a 265. Kashi ɗaya cikin uku na tudun ya tafi, kuma kwana biyu ne suke takarar zama ƙololuwa. Har yanzu ana gane shi, sai dai ya fara kwanciya.

Da zangon kwana 28 kuwa, layin bai wuce 236 ba, kuma abin da ya fi muni, yana kaiwa nan sai ya miƙe shamɓal na kwana goma. Dalilin a bayyane yake. Zangon ya fi lamarin tsawo, don haka na tsawon kwanaki tudun gaba ɗayansa yana cikin zangon, abin da ke shiga da abin da ke fita duk kwanakin yau da kullum ne. Babu sauran ranar juyi da za ka nuna da yatsa.

Daga nan ne nake ɗaukar ma'aunina: zango kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon gajeren lamarin da kake son gani. Lissafin igiyar ruwa mai hawa da sauka daidai wa daida ya goyi bayan haka. Zangon da yake kwata na tsawon zagayen yana barin kusan kashi 90 cikin ɗari na tsayinta, na rabi yana barin kusan 64, wanda ya yi daidai da ita kuma ya shafe ta ƙaf. In ya ɗan zarce ta ma, abin da ya rage yakan fito a kife, tudu ya koma kwari. Ƙa'idar da ta taimake mu wajen kawar da zagayen mako ita ce dai take iya kawar da abin da muke nema.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba na gaggawar tsawaita zango. In tsalle-tsallen kowace rana ba shi da alaƙa da na jiya, sumul ɗin da kake samu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan kwanaki. Sai ka ninka zangon sau huɗu kafin rawar ta ragu da rabi. A ce kowace rana takan kauce da kusan 20 sama ko ƙasa. Zangon 7 zai mayar da wannan kusan 8, zangon 28 kuma kusan 4. Ka rage rawa da huɗu kacal, amma tudun ya sauko daga 83 zuwa 36. Cinikin bai yi riba ba.

To in lamarin da ya dame ka na kwana huɗu ko biyar ne fa? Zangon 7 zai danne shi, na 3 kuma ba zai kawar da halin mako ba. A irin wannan sai ka raba aikin biyu. Fara cire halin ranar, ta hanyar raba adadin kowace rana da nauyin da wannan rana ta saba ɗauka, misali in Litinin takan fi matsakaici da kashi 15 cikin ɗari sai ka raba da 1.15. Bayan haka ka ɗora zangon kwana 3 a kan abin da ya fito.

Mataki na huɗu: a wace rana za ka ajiye sakamakon

Matsakaicin rana ta 8 zuwa ta 14 lamba ɗaya ce, 283, amma kana da zaɓin inda za ka sa ta. In ka sa ta a rana ta 14, layinka mai bin baya ne. In ka sa ta a rana ta 11, layin na tsakiya ne. A takardar lissafi dabarar iri ɗaya ce, gidan da ka rubuta ta ne ya bambanta. In alƙaluman sun fara daga `B2`:

```
=AVERAGE(B2:B8)
```

Rubuta ta a `C8` ka ja ƙasa, ka samu mai bin baya. Rubuta ta a `C5`, ka samu na tsakiya. Ga masu aiki da pandas a Python, inda `s` shi ne jerin alƙaluman tare da kwanakinsu:

```python
s = s.asfreq("D")
baya = s.rolling(7).mean()
tsakiya = s.rolling(7, center=True).mean()
```

Siffar layukan biyu ɗaya ce, ɗayan dai an tura shi gaba. Yawan turin shi ne a cire ɗaya daga tsawon zango a raba biyu: kwana 3 ga zangon 7, shida da rabi ga 14, sha uku da rabi ga 28. A misalinmu, layin tsakiya na kwana 7 ya sa ƙololuwa a rana ta 11, daidai inda take. Mai bin baya ya sa ta a rana ta 14, kuma sai a rana ta 15 za ka fara ganin sauka. Mai bin baya na kwana 14 sai a rana ta 19. Na kwana 28 ba zai sunkuya ba sai rana ta 30, lokacin da matsalar ta wuce da fiye da mako guda.

Saboda haka, in tambayarka ita ce yaushe abin ya juya, ko kana son ka haɗa juyin da wani mataki da aka ɗauka, yi amfani da na tsakiya. Da mai bin baya za ka iya yaba wa gyaran da aka yi a rana ta 13 cewa shi ya kawo sauƙi, alhali sauƙin ya fara tun kafin a yi shi. Layin da Excel ke ɗorawa da kansa ta `Trendline` da zaɓin `Moving Average` mai bin baya ne, kuma mutane da yawa suna karanta ranar juyi a kansa ba tare da sun cire jinkirin ba.

Na tsakiya ma yana da nasa haraji: ba ya iya kaiwa kwana ukun ƙarshe, domin yana buƙatar kwanakin da ba su zo ba tukuna. Bar wurin a wofi. Kada ka cike shi da matsakaicin kwana huɗu ko biyar da suka samu, domin a nan zagayen mako yake dawowa, kuma a daidai bakin zanen da kowa yake zuba wa ido. Ga mai sa ido kullum da safe, mai bin baya ne abin riƙo, ya dai riƙa tuna cewa abin da yake gani labarin kwana uku da suka wuce ne. Wani ƙaramin abu kuma, zango mai adadin da ke rabuwa biyu daidai, kamar 14 ko 28, ba shi da rana a tsakiyarsa, sai ta faɗa tsakanin kwana biyu. In kana son na tsakiya mai tsawo ba tare da wannan ciwon kai ba, 21 ya fi sauƙi.

Mataki na biyar: yadda za ka gane juyi na gaske

Akwai wata ƙaramar gaskiya game da wannan layi da take warware ruɗani da yawa. Daga jiya zuwa yau, kwana shida na cikin zangon ba su sauya ba. Rana ɗaya ta shigo, ɗaya ta fita. Don haka motsin layin shi ne adadin da ya shigo a cire wanda ya fita, a raba da bakwai. A rana ta 15 an samu 300, wanda ya fita kuma shi ne 310 na Litinin da ta gabata, sai layin ya sauka da ɗaya da ɗoriya. Ke nan duk lokacin da layin ya motsa, akwai wurare biyu da za ka duba, yau da kuma mako guda baya.

Ga inda wannan yake da amfani. A ce wata rana an shigar da tarin rahotannin da suka makale, adadin ranar ya ƙaru da 700. Layin zai yi tsalle da 100, ya zauna a can kwana bakwai, sannan ya faɗo da 100 a rana ɗaya. Ranar faɗowar babu abin da ya faru a cibiyar, tsohuwar lambar ce ta fita daga zangon. Alamarsa ita ce siffar teburi: hawa a tsaye, kai a shimfiɗe, sauka a tsaye, faɗinsa kuma daidai da tsawon zangonka. Duk inda ka ga tudu mai faɗin da ya yi daidai da zango, zargi rana guda. A layin tsakiya ma abin ya fi ban dariya, domin zai fara hawa kwana uku kafin ranar da abin ya faru. In ka san kwanakin da rahotannin suka fito, mayar da su can. In ba ka sani ba, gwada `MEDIAN` a madadin `AVERAGE`, wanda ke ɗaukar lambar da ta faɗo tsakiya bayan an jera su, kuma lamba guda mai girman gaske ba ta iya jan sa. Layinsa yakan fito kamar matakala, don haka ni ina amfani da shi ne don bincike kawai, ba don nunawa ba.

Sai batun haƙuri. Saukar ɗaya da ɗoriya a rana ta 15 gaskiya ce a misalinmu saboda mun san yadda muka gina shi. A alƙaluman gaske, irin wannan motsi ba ya nufin komai. Abin yi shi ne ka nemi wasu makonni da ka san lafiya lau aka yi, ka ga iyakar yadda layin kansa yake kaɗawa a cikinsu. A ce ka tarar yana yawo cikin tazarar 15. To ba za ka ce an juya ba sai layin ya sauko daga ƙololuwarsa da fiye da haka. Daga 283 ya zo 281, 277, 270, sai 260 a rana ta 18. A nan ne ya ƙetare iyakar. Tabbacin ya zo mako guda bayan juyin na gaske, kwana uku na jinkirin zango, sauran na jiran hujja. Wanda ya rage jiran zai riƙa shelar juyin da babu shi, kuma wannan ba sakaci ba ne kawai, halin lissafin ne. Tun a 1927 masanin lissafi Eugen Slutsky ya nuna cewa in aka tara lambobin da ba su da wata alaƙa da juna ta wannan hanya, sukan fito da hawa da sauka masu kama da zagaye na gaske. Sumul ɗin layi ba shaida ba ne cewa akwai wani abu a ƙarƙashinsa.

Gwaji na ƙarshe da nake yi kafin in amince da zango shi ne in zana layuka biyu na tsakiya tare, na 7 da na 21, a kan ɗigon alƙaluman asali da aka yi wa launi mara ƙarfi. Juyin da ya fito a duka biyun kusan rana ɗaya abin dogaro ne. Wanda ya fito a gajeren kaɗai, ko dai ɗan gajeren lamari ne ko kuma rawa ce, sai a koma ɗigon asali a duba ko kwanaki da yawa ne suka taru suka yi shi ko rana guda ce. Kada a goge ɗigon nan don zane ya yi kyau, su ne kaɗai suke nuna ranar 700 ɗin da sifilin ƙarya. A ƙasan zanen kuma a rubuta tsawon zangon da ko layin na tsakiya ne ko mai bin baya, domin wanda zai karanta ranar juyi a kai ya san ko zai cire kwana uku ko a'a.